Littafin aiki: rubuta tambayoyi da amsoshin manhajar aika kuɗi da Hausa da Ingilishi, Yamai

Litinin, 6 ga Oktoba

An fara aiki. Manhajar tana aika kuɗi cikin Nijar, tana kuma aikawa Najeriya ta hannun wani abokin hulɗa. Sashen tambayoyi da amsoshi da ke ciki yanzu da Faransanci kaɗai yake. An ba mu mako shida mu fitar da na Hausa da na Ingilishi. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki, amma abin da ya fi tura masu manhajar shi ne yawan kiran da ake yi wa masu amsa waya a kan abu guda.

Mun yanke cewa ba za mu juya na Faransancin ba. Tambayoyinsa na ofis ne, farkonsa ma bayanin tarihin kamfani ne. Za mu ɗauko tambayoyin daga bakin masu kira, mu rubuta Hausar da farko, sannan a rubuta Ingilishin daga ma'anarta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Masu amsa waya sun ba mu takardun kiran wata biyu bayan an goge sunaye da lambobi. Muna kasa su tuli-tuli.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An gama kasawa. Tambayoyi 34 suka fito, amma biyar ne suka fi sauran tsayin tuli nesa ba kusa ba: na aika kuɗi ba su iso ba, na yi kuskuren lamba, nawa ne kuɗin aike, sunan da aka rubuta bai yi daidai da na kati ba, na manta lambar sirri. Su za su hau sama, a jere kamar yadda tulin ya nuna.

Kan kowace tambaya za a rubuta ta yadda mai kira ke faɗa. Wanda kuɗinsa suka maƙale yana neman "Na aika kuɗi ba su iso ba", ba zai tsaya a kan "Jinkirin kammala mu'amala" ba, ko da a gabansa yake.

Sai batun wanda ake yi wa magana. Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga namiji da mace, Hausa kuwa dole a zaɓa: ka, ki, ko ku. Rubuta "ka/ki" a kowane layi yana gajiyar da ido, kuma na'urar karanta allo tana furta sandar da ke tsakani. Mun ɗauki "ku". Haka ake yi wa babba magana a nan, ba wanda zai ji an raina shi.

Talata, 14 ga Oktoba

Cikas na farko, kuma namu ne. A amsar kuɗin aike mun rubuta adadi da kalmomi, wai don a sauƙaƙa wa mai ƙarancin karatu: "Idan kun aika dubu hamsin, kuɗin aike ɗari biyar ne." Muka kai takardar wa wani mai shagon aika kuɗi a kasuwar Wadata ya karanta wa mutanen da ke layi. Wata dattijuwa mai sayar da kayan miya ta tsai da shi.

"Ɗari biyar kan dubu hamsin? Malam, ai da araha. Amma wa ke da dubu hamsin?"

"Hajiya, jika hamsin ake nufi."

"To ɗari biyar kan jika hamsin kuma ai zalunci ne."

Ita da dala take lissafi, kamar kowa a kasuwa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Ɗari biyar a bakinta sefa 2,500 ne, dubu hamsin kuwa sefa 250,000. Da farko ta ji 2,500 kan 250,000, da aka gyara mata rabi ta ji 2,500 kan 50,000. Mu kuwa sefa 500 kan sefa 50,000 muke nufi, wato dala ɗari kan jika hamsin. Jimla ɗaya ta ba da farashi uku, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Komawa ga jika kaɗai ma ba ta fisshe mu ba. A nan jika sefa 1,000 ce, amma ɗan kasuwar da ya tsallako daga Illela ko Sakkwato, idan dattijo ne, jaka a kunnensa naira 200 ce.

Abin da muka tsayar: kowane adadi da lambobi za a rubuta shi, tare da sunan kuɗin, daidai da yadda allon manhajar ke nuna shi. A amsar kuɗin aike kaɗai za a ƙara lissafin kasuwa bayan lambar, saboda ita ce ake karanta wa mutane da baki. Ga yadda ta koma:

"Mai aikawa ke biyan kuɗin aike. Misali: kuna so ɗan'uwanku ya karɓi 50 000 F CFA, wato jika hamsin. Kuɗin aike 500 F CFA ne, wato dala ɗari. Za a cire 50 500 F CFA daga asusunku. Shi kuma zai karɓi 50 000 F CFA cif, ba zai biya komai a gishe ba."

Layin ƙarshen mai shagon ne ya roƙa a saka. Ya ce rigimar da ya fi sha ita ce ta mai karɓa da aka ce masa wani shago ya cire masa wani abu.

Mun kuma fitar da kalmar "la'ada" daga rubutun. La'ada ta dillali ce, ana cinikinta. Wanda ya ga la'ada zai nemi ragi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Alamar raba dubbai. Tsohon rubutun Faransanci yana sa ɗigo, `10.000`, wanda mai karatun Ingilishi ke iya ɗauka goma ce kawai. Allon manhajar sarari yake bari, `10 000`. Mun bi allon a harsunan biyu. An gaya wa mai shirya manhajar ya sa sararin da ba ya karyewa, `U+00A0`, domin a ƙaramar waya mun ga 10 a ƙarshen layi, 000 ɗin ya faɗa layin ƙasa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Yini guda ya tafi a kan kalma ɗaya. Masu kira suna cewa "kod" ga abubuwa huɗu daban, kuma rubutunmu na farko ya bi su ya ce "lamba" ga duka. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin a wata amsa mun ce "ku ba mai karɓa lambar", a ta biyar kuma mun ce "kada ku ba kowa lambarku". Ɗan damfara ba ya bukatar abin da ya fi wannan ruɗanin.

Kowace mun raɗa mata suna, kuma ba a yarda a canza shi a ko'ina ba. Lambar sirri ita ce wadda mai asusu ya zaɓa da kansa, yake buɗe manhajar da ita; ba a faɗa wa kowa, ko ma'aikacinmu. Lambar tabbatarwa ita ce ke zuwa ta saƙon waya lokacin shiga ko sauya waya, tana mutuwa bayan ƴan mintoci. Ita ma ba a faɗa wa kowa. Lambar karɓa ita ce mai aikawa ke ba wanda zai je gishe, shi kaɗai. Lambar resi ita ce ke kan shaidar aike, ba a cire kuɗi da ita, don haka ita ce ake karanta wa mai amsa waya. A Ingilishi su ne `PIN`, `verification code`, `pickup code` da `receipt number`, yadda suke a allon.

Muka ƙara tambayar da ba ta cikin 34 ɗin, domin waɗanda abin ya sama sai bayan an kwashe su suke kira: "An kira ni an ce daga kamfani ne, ana neman lambar da ta shigo wayata." Amsar jimla uku ce: ku katse kiran, ba ma neman lambar sirri ko lambar tabbatarwa, ko ta waya ko ta saƙo, idan kun riga kun faɗa, ku sauya lambar sirri yanzu sannan ku kira mu. Ta zama ta shida a jeri.

Alhamis, 23 ga Oktoba

An rubuta amsoshi 12 na tsakiya: buɗe asusu, sauya waya, rufe asusu da makamantansu. Ba matsala.

Litinin, 27 ga Oktoba

Tambaya ta ɗaya, "Na aika kuɗi ba su iso ba". Sau huɗu aka rubuta ta.

Zubin farko ya ce: "Ku yi haƙuri, kuɗin za su iso cikin kwana biyu." Na Ingilishin ya ce `within 2 business days`. A takarda kamar abu ɗaya ne. Amma "kwana biyu" a Hausa ba lallai biyu ba ne. Wanda ya ce maka "kwana biyu ban gan ka ba" yana iya nufin wata guda. Mutum uku muka tambaya yaushe za su sake kira idan sun karanta wannan: ɗaya ya ce jibi, ɗaya ya ce sai mako ya zagayo, na ukun ya ce ai wannan hanyar sallamar mutum ce. Ga kuma "na aiki" da ya faɗi daga Hausar gaba ɗaya. Ashe mun yi wa mai karanta Hausa wani alkawari, mun yi wa mai karanta Ingilishi wani.

Zubi na biyu ya ce "awa 48". Sashen kula da biyan kuɗi ya ƙi, da gaskiyarsu: aiken da ya ratsa banki zuwa Najeriya ba ya motsi Asabar da Lahadi, ranakun hutun ƙasashen biyu kuma ba ɗaya ba ne. Ranar 1 ga Oktoba bankunan can a rufe suke mu muna aiki, ranar 18 ga Disamba kuma namu ne a rufe.

Zubi na uku ya yi bayanin duk wannan, ya kai layi 14 a waya. Ba mai karanta layi 14 alhali mahaifiyarsa na tsaye a gishe tana jira.

Abin da ya warware shi ne mun daina amsa "yaushe", muka fara da "me allonku ke nunawa". Manhajar tana da matsayi huɗu, kowane da abin da ya kamata a yi. Ga zubi na huɗu:

"Ku buɗe `Tarihi`, ku taɓa aiken, ku duba kalmar da ke sama.

Idan `Ana jira` ce, kuɗin sun fita daga asusunku amma ba su kai ba tukuna. Kada ku sake aikawa, domin za a cire muku sau biyu. Cikin Nijar, ku kira mu idan awa 1 ta wuce. Zuwa Najeriya, ku kira mu idan ranakun aiki 2 sun wuce. Ba a ƙirga Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Misali: aiken yammacin Juma'a yana iya kaiwa yammacin Talata.

Idan `Suna gishe` ce, kuɗin sun kai, suna jiran mai karɓa ya je da katinsa da lambar karɓa.

Idan `An karɓa` ce amma mutuminku ya ce bai karɓa ba, ku kira mu yanzu da lambar resi.

Idan `An soke` ce, kuɗin da kuɗin aike sun dawo asusunku."

Matsayi na biyu da can `An aika` ake rubutawa a allo, daga `Sent`. Mutane suna ganin "an aika" su ɗauka kuɗin na hanya, su zauna jira, alhali tun safe suke a gishe. Mun nemi a canza kalmar allon kanta, aka yarda, na Ingilishin ma ya koma `Ready for pickup`. Wannan ne karo na farko da rubuta amsa ya sa aka gyara manhajar, kuma ya fi kowace amsa da muka rubuta amfani.

Wani daga cikinmu ya so a ƙara "in Allah ya yarda" bayan lokacin. A baki haka kowa zai faɗa, mai amsa waya ma yana faɗa. A rubuce mun bar shi, domin lokacin da aka ambata shi ne lokacin da mutum ke da haƙƙin kira, ba fata muke yi masa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Suna da lambar waya. Katin shaida na Nijar da rubutun Faransanci yake, mai aikawa daga Kano kuwa da nasa rubutun yake rubutawa. `Usman` da `Ousmane` mutum ɗaya ne a gida, amma mutum biyu ne a gishe. Haka `A'ishatu` da `Aïchatou`. Amsar ta ce a nemi mai karɓa ya karanto sunansa harafi-harafi daga katin, ko ya turo hoton layin sunan kawai, ba na katin duka ba.

Lambar Nijar alƙaluma 8 ce bayan `+227`. Ta Najeriya ana jefar da sifirin farko, alƙaluma 10 su rage bayan `+234`. Mun sa wannan a amsar kuskuren lamba, tare da abin da ba a son ji: muddin ba a karɓi kuɗin ba ana iya soke aiken, amma idan an karɓa ba mu da alkawarin dawo da su. An so a tausasa jimlar. Mun bar ta a haka a harsunan biyu.

Farashin canji ba zai shiga ko'ina ba. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, amma naira tana hawa tana sauka. Amsar ta ce a duba adadin nairar da allon ya nuna kafin a taɓa `Tabbatar`, shi ne mai karɓa zai samu.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An ɗora rubutun a manhajar gwaji, sai akwatin bincike ya ba mu kunya. An rubuta `kudi`, ya ce babu sakamako, alhali kalmar "kuɗi" tana cikin kusan kowace amsa. A wurin na'ura ɗ da d haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Mai shirya manhajar ya ce ai ya riga ya sa dabarar da ke cire alamomin saman haruffan Faransanci. Wannan dabarar tana raba é zuwa e da alamarta, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa rabuwa, kowanne harafi ne mai zaman kansa. Sai an jera su da hannu, manya da ƙanana:

```
ɓ Ɓ → b
ɗ Ɗ → d
ƙ Ƙ → k
ƴ Ƴ 'y ’y → y
```

Layin ƙarshe ya zama dole ne saboda a Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya kuma 'y, waya kuma tana murɗe alamar yadda ta ga dama.

Bayan an gyara wannan sai na biyu ya fito. Yawancin mutanenmu a makarantar Faransanci suka koyi rubutu, da wannan hannun suke rubuta Hausa: `koudi`, `tchanji`, `souna`. Mutanen Tawa da Ƙonni kuma `kuddi` ko `kouddi` suke bugawa, yadda suke furtawa. Ƙa'ida ɗaya ba za ta kama duka ba, don haka kowace tambaya mun liƙa mata jerin kalmomin ɓoye da binciken ke gani amma mai karatu ba ya gani, har da na Faransanci irin su `code`, `frais` da `retrait`. Kwana biyu cur wannan ya ci, na gaske wannan karon.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Masu amsa waya suna so su riƙa tura gajerun amsoshi ta saƙon waya ga masu ƙaramar salula. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da ƙ guda ta shiga sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, idan an sarƙa saƙonni kuwa 67 kowanne. Amsarmu mai haruffa 150 ta zama saƙo uku, kuɗi ninki uku, a wata tsohuwar waya ma akwatuna suka fito a madadin haruffan. Na saƙon waya za su tafi ba lanƙwasa, an kuma sake duba su don kada cire lanƙwasar ta sauya ma'ana. Wuri ɗaya aka kama: "ƙari" ya koma "kari", muka musanya shi da "sama da haka". Cikin manhajar kuwa haruffan suna nan yadda suke.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ingilishin ya dawo daga mai dubawa. Turancinsa ya yi kyau har ya wuce masu karanta shi, waɗanda galibi ƴan kasuwar Najeriya da Gana ne da ke Katako da Babbar Kasuwa. Ya sa `funds` da `remittance`, mun mayar da su `money` da `transfer`. Sannan aka zauna mutum biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Ingilishi, ana karanta amsa bayan amsa, ana duba abu uku kawai: adadi, lokaci, da abin da aka ce za a yi. An kama saɓani biyu. A amsar manta lambar sirri, Hausar ta ce asusu na rufewa bayan kuskure 3, Ingilishin ya ce `several attempts`. Yanzu duka biyun 3 suke cewa.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Gwaji da mutum takwas, biyar a Yamai, uku a Tawa ta hannun wakilin can. Ana ba mutum waya a ce masa, misali, "ƙanwarku ta ce kuɗin ba su zo ba", a yi shiru a ga inda zai taɓa. Bakwai sun kai ga amsa ta ɗaya. Na takwas, wani dattijo mai sayar da albasa, ya tsaya a kalmar `Tarihi`, ya ce shi ba labarin sarakuna ya zo nema ba. An tambaye shi, "Baba, me za ku kira wurin?" Ya ce, "Abin da na aika." An miƙa shawarar a canza ta zuwa `Aikena`, ba a amsa ba tukuna, kuma idan an canza sai an taɓa amsoshi bakwai da suka ambace ta.

Kashe-kashe zuwa yau: masu gwaji takwas, sefa 5,000 kowanne, 40,000, mai duba Ingilishi 60,000, mai duba Hausa 60,000, buga takardu da kuɗin waya 15,000, zirga-zirga 12,000. Jimla sefa 187,000 daga 250,000 da aka ware.

Abin da ya rage: amsar iyakar kuɗin da asusu ke iya riƙewa tana hannun sashen shari'a, domin ƙa'idar Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma ce, kuma ba za mu rubuta adadi ba sai sun sa hannu. Mako mai zuwa za a naɗi amsoshi shida na sama da murya, don biyu daga masu gwajin Tawa sai da aka karanta musu. A muryar, adadi da jika da dala za a faɗe shi, don haka sai an sake rubuta amsar kuɗin aike musamman don kunne. An nemi farashi daga ɗakin naɗar murya biyu, ana jiran amsarsu ranar Litinin.